Kaskon Ƙarfen Zubi Ya Yi Tsatsa: Yadda Ake Kankare Shi a Sake Shayar da Shi Mai

Dare ɗaya ya isa. An soya nama da tumatir a kaskon ƙarfen zubi, ƙanzo ya kama gindinsa, aka zuba ruwa don ya jiƙa, aka ce a bar shi sai da safe. Gari na wayewa sai ga jan zobe daidai inda ruwan ya tsaya. Idan kuma aka ɗauraye shi aka kife a ƙasan kanta da danshinsa, a tsakiyar watan Agusta, aka manta da shi mako biyu, to ranar da aka ɗauko shi za a tarar ya yi ja ciki da baya, yana bar wa mutum gari a tafin hannu. A nan ne da yawa suke yanke masa hukunci, su tura shi wurin 'yan gwangwan.

Bai mutu ba. Kaurin irin wannan kasko yakan kai milimita 3 zuwa 5, tsatsar kwana goma ko ta wata guda kuwa ba ta wuce fuskarsa ba. Cire ta aikin ƙarfin hannu ne, kowa zai iya. Inda ake yin ɓarna shi ne a mataki na biyu, wurin mayar masa da baƙar fatar nan mai santsi da ke hana abinci kamawa, kuma kusan kullum ɓarnar iri ɗaya ce: mai ya yi yawa, wuta ta yi kaɗan.

Kafin a taɓa soso, a tabbatar da irin ƙarfen da ke hannu. Yawancin tukwane da kasake da maƙeran kasuwanninmu ke zubawa na alminiyam ne. Shi ba ya yin jar tsatsa, sai dai ya yi fari-fari ko ya dushe, kuma gyaran da za a bayyana a nan ba nasa ba ne. Maganaɗisu zai raba gardama: yana manne wa ƙarfen zubi, ba ya manne wa alminiyam. Nauyi ma shaida ne, domin kaskon ƙarfen zubi mai faɗin santimita 26 yana haura kilo 2. Akwai kuma mai rufin tangaran, wanda cikinsa ko bayansa ke sheƙi da launi. Wannan ba a goga masa soson ƙarfe ko samfefa, za a kashe shi ne kawai. Siririn kaskon ƙarfe irin na masu suyar ƙosai da tandar masa ta ƙarfe su kuwa duk suna karɓar wannan gyara, bambancin kawai sun fi saurin ɗaukar zafi.

Abu biyu ne ke sa a haƙura da kasko gaba ɗaya. Na farko tsagewa. Ƙarfen zubi yana ɗauke da sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wannan ne ya sa yake da tauri amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. A rataye kaskon da yatsa ta hujin mariƙinsa, a ƙwanƙwasa shi da cokali. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ka ji "ƙwas" a taƙaice, kuma wuta za ta ci gaba da buɗe tsagar. Na biyu shi ne tarihin da ba a sani ba. Tsohon kaskon da aka saya a gwanjo ko aka tsinta a bayan shagon gyaran batir, mai yiwuwa an taɓa narka dalma a cikinsa. Gubar dalma ba ta fita da wanki ko ƙonawa, kuma yara ta fi illatawa. Idan akwai wannan shakku, kaskon ya tashi daga na girki.

Mece ce baƙar fatar, kuma me ya cinye ta

Mutane da yawa suna ɗauka baƙin da ke jikin tsohon kasko dauɗa ce ko maiƙon da ya taru. Ba haka ba ne. Idan aka shimfiɗa mai siriri sosai a kan ƙarfe aka ba shi zafi mai ƙarfi a cikin iska, ƙwayoyin man suna sarƙewa da juna, su bar zama ruwa, su koma busasshiyar fata mai tauri da ta riƙe ƙarfen gam. Kowa ya taɓa ganin farkon wannan canji: danƙon nan mai launin zuma da ke taruwa a leɓen kaskon mai ƙosai, wanda sabulu ba ya fitarwa. Wancan man ne da ya fara sarƙewa bai gama ba. Idan ya gama, ba ya danƙo, ba ya wari, ruwa kuma ba ya ratsa shi cikin sauƙi.

Fuskar ƙarfen zubi ba sumul take ba. A cikin yashi ake zuba narkakken ƙarfen, hanyar da Abraham Darby ya yi wa rajista a Ingila a shekarar 1707 don yin tukwane masu araha, shi ya sa kaskon ke fitowa da 'yan ƙananan gurabe da tudu. Fatar man tana cike guraben nan, ta raba ƙarfen da ruwa da iska. Tsatsa kuwa abin da take buƙata ke nan, ƙarfe da ruwa da iska su haɗu. Gishiri yana hanzarta ta, tsamin tumatir ko na tsamiya kuma yana rage kaurin fatar idan ya daɗe a ciki. Duk inda aka sami ɗan karce ko wurin da fatar ta yi siriri, nan ruwan ke shiga. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, don haka tana kumbura ta ɗaga fatar da ke gefenta, ruwa ya sami sabuwar hanya. Shi ya sa ɗigo ɗaya yake zama faci, kuma shi ya sa shafa mai a kan tsatsa ba ya maganinta. An rufe ta ne kawai, tana nan a ƙasa.

Kankara

Mu ɗauki kaskon nan mai santimita 26 da ya yi mako biyu a kife da danshi. Cikinsa ya yi ja kusan duka, bayansa ma haka, amma a bangon gefe akwai sauran tsohon baƙi.

A fara da ruwan ɗumi, sabulun wanke-wanke da soson ƙarfe. Maganar da ake yi cewa sabulu bai kamata ya taɓa kaskon ƙarfe ba, ba ta da wurin zama a nan. Ko a ranakun girki ma ɗan sabulun ruwa ba ya cire fatar da ta gasu da kyau. A goge da ƙarfi, ana zagayawa, ana ɗaurayewa a kai a kai don a ga inda aka kwana. Ruwan zai fara fita ja, daga baya ya koma toka-toka. Kada a manta da bayan kaskon, da leɓensa, da mahaɗar mariƙi, domin nan tsatsa ke laɓewa ta dawo. Wanda ba shi da soson ƙarfe zai iya amfani da gishiri mai tsakuwa da ɗan mai, ko lallausan yashi da toka kamar yadda aka saba wanke bayan tukunya. Inda tsatsar ta yi kauri, samfefa mai lamba 80 zuwa 120 tana rage wahala. Tsatsar dare ɗaya ko biyu a nan take ƙarewa, cikin minti goma zuwa ashirin.

Tamu ta mako biyu ce, za ta bar ja a cikin guraben da soso ba ya kaiwa. A nan ruwan kal yake shigowa, wato farin binega na girki, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. A haɗa shi da ruwa daidai wa daida, kofi ɗaya na wannan, kofi ɗaya na wancan, har ya isa ya rufe wurin da ya yi tsatsa. Idan da bayan kaskon ne, a nutsar da shi duka a robar wanki. A duba agogo. Bayan minti 30 a ciro shi a goga. Idan jan yana fita cikin sauƙi, an gama. Idan da saura, a mayar da shi na wani rabin awa, a sake gogawa.

Dalilin duba agogon shi ne tsamin ba ya bambanta tsatsa da lafiyayyen ƙarfe. Yana gama cin ta farko sai ya shiga na biyu. Kaskon da aka bari ya kwana a ruwan kal yakan fito da ƙananan ramuka a fuskarsa, wani lokaci ma saman ƙarfen ya yi laushi yana gogewa baƙi kamar bakin fensir, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ruwan lemon tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya suna yin aikin idan babu kal, sai dai ƙarfinsu ba ya da tabbas, don haka dubawar ta fi zama dole. Abin da ba a yarda da shi ba ko kusa: ruwan batir, kananzir, baƙin mai, ko maganin tsatsa na masu gyaran mota. Abin da za a ci abinci a cikinsa ne.

Akwai kuma masu jefa kasko cikin wutar itace har ya yi ja, wai don komai ya ƙone. Tsohon maiƙo yana ƙonewa, gaskiya ne. Amma wutar itace ba ta cin kasko daidai, gefe ɗaya ya yi zafi ya bar ɗaya, ƙarfen ya karkace ko ya tsage, wani lokaci ya fito da wani jan tabo mai duhu da ba ya riƙe mai daga baya. A ganina hasarar ta fi ribar.

Tsohon baƙin da ya rage a bangon gefe fa? A gwada shi da farce ko bakin cokali. Idan yana ɓantarewa, a kankare shi duka. Idan ya riƙe gam kuma ya yi sumul, a bar shi, sabuwar fatar za ta hau kansa. Ba sai kasko ya koma fari tas ba. Abin nema shi ne kada ja ya rage ko'ina.

Da an gama, a ɗauraye da ruwan sanyi sosai. Wasu sukan zuba babban cokali ɗaya na bakar hoda ta soda a ruwan ɗaurayar don ta kashe sauran tsamin, kuma yana taimakawa. Daga nan sai hanzari. Ƙarfen da aka tsiraita yana fara sabuwar tsatsa cikin 'yan mintuna, ka ga wani rawaya-rawaya yana bayyana a gaban idonka. Ruwan zafi yana ƙara masa sauri, shi ya sa aka ce na sanyi. A tsane shi da tsumma nan take, a ɗora kan wuta marar ƙarfi minti 5 zuwa 10 har duk danshin da ke cikin guraben ya fice. Shanya shi a rana ba ta wadatar, balle da damina. Idan ɗan rawayan ya riga ya fito, ba abin damuwa ba ne, tsumma mai ɗan mai zai ɗauke shi.

Wane mai

Ba kowane mai ne ke sarƙewa da kyau ba. Man da ke zama ruwa ko da sanyi, irin su man waken soya, man gyaɗa da man sunfulawa, shi ya fi dacewa, domin ƙwayoyinsa suna da guraben da suke kama juna. Kamfanin Lodge na jihar Tennessee a Amurka, wanda ke zuba kasake tun 1896, ya fara sayar da su a shaye da mai tun daga masana'anta a shekarar 2002, kuma man waken soya yake fesa musu. Wato man galan na yau da kullum da ke kicin ɗinki ya isa, ba sai an nemi wani na musamman ba.

Man gyaɗa na gida, wanda ake matsewa wurin yin ƙuli-ƙuli, yana yi, amma a tace shi da ƙyalle tukuna. Yana ɗauke da ɗan tunkuza da ke ƙonewa ta bar ɗige-ɗige, kuma yana fara hayaƙi tun zafin bai kai inda ake so ba, sai mutum ya ɗauka aiki ya kammala ya sauke da wuri. Manja, man shanu da man kaɗe su ne na baya a layi. Kusan rabin manja irin man nan ne mai daskarewa, wanda ba ya sarƙewa da sauƙi, fatar da yake bayarwa takan yi laushi. Man shanu kuma yana da ruwa da sauran nono a cikinsa. A yi girki da su a kaskon daga baya, babu laifi, amma ba su ne na harsashi ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Ga kasko mai santimita 26, ƙaramin cokalin shayi ɗaya na mai ya ishi ciki da baya da mariƙi. Kaskon yana da ɗumin da hannu zai iya jurewa, a zuba man, a bi ko'ina da tsumman auduga marar gashi, tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta fi komai. Sannan a ɗauki wani busasshen tsumma a goge man duka, a goge da niyyar kada a bar komai. Kaskon zai yi duhu amma ba zai yi ƙyalli ba, idan aka taɓa shi yatsa ba zai fito da maiƙo ba. Mutum zai ji kamar ya ɓata aikinsa. Bai ɓata ba. Abin da ya maƙale a guraben ƙarfen shi ne daidai abin da ake buƙata.

Dalili kuwa, sarƙewar tana buƙatar iska da zafi su ratsa man daga sama har ƙasa. Idan ya yi kauri, samansa ne ke bushewa ya rufe na ƙasa, na ƙasan ya zauna danƙo har abada, ko ya tattaru ya zama ɗige-ɗige. Hannunmu ya saba da cewa yawan mai a miya karamci ne, shi ya sa wannan mataki yake yi wa mutane wuya fiye da gugar tsatsar.

Wuta

Mai obin ya huta. A kunna shi ya kai digiri 230 zuwa 250 a ma'aunin Salshiyos, a kife kaskon a kan wayar tsakiya don kada mai ya kwanta a gindinsa, a bar shi awa ɗaya. Dabara mai amfani ita ce a ciro shi bayan minti goma na farko, a sake goge shi da busasshen tsumma, saboda zafi yana fito da man da ya ɓuya ya taru ƙwaya-ƙwaya. Bayan awar a kashe obin, a bar kaskon ya huce a ciki. Idan mariƙinsa na katako ne ko roba, a kwance shi tukuna, in ba ya kwantuwa a koma hanyar murhu.

Gidaje da yawa ba su da obin, kuma aikin yana yiwuwa ba tare da shi ba, sai dai yana son tsayuwa a kai. A kan gas, a ɗora kaskon a matsakaiciyar wuta, a bar zafin ya hau a hankali. Ƙarfen zubi yana riƙe zafi sosai amma ba ya rarraba shi da sauri, don haka tsakiyar da ke kan harshen wuta za ta riga gefe nesa ba kusa ba. Bayan 'yan mintuna siririn hayaƙi zai fara tashi daga tsakiya, launin wurin ya juya daga toka zuwa ruwan ƙasa. Sai a riƙa gusar da kaskon, ana kawo kowane gefe kan wutar, ana karkata shi don bangon ma ya samu. Idan hayaƙin wuri ya ɗauke kuma wurin ya bushe, nan ya gasu. Zagaye ɗaya yakan ci minti 10 zuwa 15. Risho ba shi da daɗin wannan aiki, yana shafa wa bayan kaskon baƙin hayaƙi da warin kananzir.

Gawayi a kurfoti ya fi gas a wurina, domin zafinsa yana da faɗi. A bari ya ruru har ya yi farar toka a sama, babu sauran harshe, a baje shi daidai faɗin kaskon. A ɗora kaskon a kan waya, da tazarar kamar yatsu uku daga garwashin. Idan aka kifa babbar tukunyar alminiyam a kansa, aka ɗan ɗaga gefenta da dutse don iska ta shiga, zafin yana zagaye shi har bango da mariƙi. Bayan kamar minti 20 a buɗe a duba, a juya shi a kife don ɗaya fuskar ta samu. Haɗarin gawayi shi ne wuce gona da iri. Idan zafi ya yi tsanani, fatar da ake ginawa ita ma ƙonewa take yi, tsakiyar kaskon ta koma toka-toka a bushe kamar ba a taɓa shafa mata komai ba. In an ga haka, a rage garwashi ko a ƙara tazara.

Ko ta wace hanya aka bi, hayaƙin man yana shaƙe maƙogwaro, a yi aikin a tsakar gida ko a buɗe tagogi, gawayi kuwa ba a cikin rufaffen ɗaki ba. Mariƙin yana yin zafin da zai sale fata, a riƙe shi da busasshen tsumma mai kauri, jiƙaƙƙe yana wuce zafi zuwa hannu nan take. Kuma kada a kuskura a zuba wa kasko mai zafi ruwan sanyi don ya huce da wuri. Haka ake tsaga su.

Idan ya huce har hannu na iya taɓa shi, a maimaita: ɗan mai, a goge tas, a mayar wuta. Kaskon da aka kankare har ƙarfe yana son zagaye uku zuwa biyar. A zagayen farko zai fito ruwan ƙasa, wani wuri ya fi wani duhu. A na uku ya fara komawa launin gasasshen kofi. Baƙi wuluk irin na tsohon kaskon kaka ba ya samuwa a yini ɗaya, girkin watanni ne ke kawo shi, kuma ba launin ake nema ba.

Karanta abin da ya fito

Tafin hannu ya fi ido faɗin gaskiya a nan. A shafa cikin kaskon bayan ya huce. Idan ya ji a bushe, sumul, da ɗan santsi, aiki ya yi. Idan yana kama yatsa, ko dai man ya yi yawa ko wutar ba ta kai ba. Danƙo kaɗan yakan gyaru idan aka mayar da kaskon wuta na wani lokaci ba tare da ƙarin mai ba. Idan kuwa ya yi kauri har farce na shiga, a goge wurin da soson ƙarfe a sake shi, domin duk abin da aka ɗora a kan danƙo zai ɓantare tare da shi wata rana a cikin ƙwai. Ɗige-ɗige masu sheƙi kamar zanen damisa su ma alamar yawan mai ne. Ba sa hana girki, suna bajewa da amfani.

Launin ruwan ƙasa yana tsorata wasu, su ɗauka tsatsar ce ta dawo. A gwada da farin ƙyalle mai ɗigon mai. Sabuwar fata ba ta barin komai a ƙyallen, ko ta bar ɗan duhu kaɗan. Tsatsa kuwa tana barin jan gari, kuma wurin yana da kaushi. Idan hakan ta faru, galibi a mahaɗar mariƙi ko a cikin wani rami ne da soso bai kai ba. Ba sai an rushe aikin duka ba, a kankare wurin kaɗai, a busar a wuta, a yi masa zagaye biyu.

Ramukan da tsohuwar tsatsa ta riga ta ci ba sa cikewa da zagaye biyar. Idan ƙanana ne, suya za ta cike su sannu a hankali. Idan masu zurfi ne a tsakiyar kaskon, zai ci gaba da soya doya da kaza lafiya lau, amma wainar ƙwai za ta riƙa maƙalewa a wurin, sai a san aikin da za a ba shi.

Girkin farko ya zama na sadaukarwa: albasa guda da ɓawon dankalin Turawa, da mai cokali uku da ɗan gishiri, a soya ana murza su a ko'ina har su yi duhu, a zubar. Suna kwashe sauran ƙurar ƙarfe da ƙamshinsa. Bayan haka, makonni biyu ko uku na farko a ba kaskon aikin mai: ƙosai, awara, dankali, soyayyar doya, naman da ke da kitse. Kowace suya ƙarin shafi ce. A nisanta shi da miyar tumatir, yakuwa, tsamiya da duk abin da aka sa wa kanwa, domin tsami da kanwa duka suna cin sabuwar fata, abincin kuma ya fito da ɗanɗanon ƙarfe da launi mai duhu. Idan fatar ta yi ƙwari, suyar tumatir ta minti goma ba ta yi mata komai, dogon dahuwa ne dai ya fi kyau a bar wa wata tukunya.

Ƙwai ne ke nuna ko an isa, amma a yi masa adalci. Sau da yawa ba fatar ce ta gaza ba, kaskon ne bai yi zafi ba. A ba shi minti uku zuwa biyar a matsakaiciyar wuta, sannan a zuba mai, sannan ƙwan, a bar shi ya kama jikinsa kafin a sa cokali.

Wanki kuma daga yanzu a yi shi kaskon na da sauran ɗumi. Idan ƙanzo ya kama, a zuba ruwa kofi ɗaya a tafasa minti biyu a kankare da muciya ko cokalin katako, maimakon a jiƙa shi ya kwana. A ɗauraye, a tsane, a ɗora kan wuta minti biyu, a shafa ɗigon mai a goge. Da hunturu iska na yafe wa mai sakaci, da damina ba ta yafewa, haka ma a garuruwan da ke da danshi duk shekara kamar Legas ko Kumasi. A irin wannan lokaci rataye shi a ƙusa ya fi kife shi a kan siminti. Idan yana da murfi, kada a rufe shi ruf, a sa naɗaɗɗiyar takarda a tsakani don iska ta riƙa shiga. Wanda zai ajiye shi na watanni kuma ya rage man shafawar sosai, domin mai kauri yana yin wari da danƙo a ajiye, ranar da aka ɗauko shi sai an wanke da sabulu an yi masa zagaye ɗaya a wuta kafin a ɗora girki.